Kafin Ka Ce "Mu Riƙa Zama Duk Mako"

Da wuya a naɗa mutum shugabancin wasu, ko da su biyar ne, ya yi wata guda bai fara tunanin kafa zaman mako-mako ba. Na ga haka a shekarun da na yi ina aiki a ƙananan asibitocin karkara, kuma ko yanzu da na ajiye aiki ina ganinsa wurin yaran da suka taso a hannunmu. Zaman ba laifi ba ne. Abin da sabon shugaba ba ya lura da shi shi ne, taron da aka ce a riƙa yi duk mako bashi ne ya ci na lokacin mutane, kuma bashi ne mai sabunta kansa ko ba wanda ya sake neman sa.

A yi lissafi a gani. Ma'aikata 8, awa ɗaya duk mako, mako 52: awa 416 ke nan a shekara. In ma'aikaci yana aikin awa 40 a mako, wannan ya haura aikin mutum ɗaya na mako 10. Shugaban da zai nemi a ba shi ma'aikaci na mako 10 sai ya rubuta takarda ya kafa hujja, amma zaman da zai ci daidai wannan lokacin da jimla ɗaya ake kafa shi.

Ɗiyar ƙanena ce ta sa na sake juya wannan magana. An ba ta riƙon wani ƙaramin asibiti mai ma'aikata takwas: ita kanta, ungozoma, mai rigakafi, mai ba da magani, mai gwajin jini, mai yankan kati, mai shara da mai gadi. Ta nuna mini saƙon da take shirin tura musu, cewa daga yanzu za a riƙa taron ma'aikata duk mako kuma wajibi ne kowa ya halarta. Ta ce, "Baba, ya yi?" Na ce, "'Yata, wace rana? Na minti nawa? A yi me? Wanda yake aikin dare fa, shi ma wajibi ne?" Ta yi shiru. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne kowa zai yi a ransa in ya karanta, sai dai ba wanda zai furta su a gabanta.

Rana ba a zaɓenta don ta yi wa shugaba daɗi. Ana cire waɗanda ba za su yiwu ba ne, a ga abin da ya rage. Litinin a asibiti ranar cunkoso ce, domin duk wanda ya daure da ciwo Asabar da Lahadi ranar yake zuwa. Juma'a rabin yini ce a wurinmu, hankalin maza yana masallaci tun hantsi. A Jihar Kaduna ma tun Disambar 2021 gwamnati ta mayar da yawancin ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako. Talata ce ranar awon ciki a asibitinta. Alhamis kuwa kasuwar garin ke ci, kamar yadda ta Maigatari ke ci, kuma duk wanda ya yi aiki a garin kasuwa ya san ranar mutanen ƙauye ke haɗa cefane da ganin likita. Saura Laraba. Sa'ar ma haka muka bi: ƙarfe 2:30, bayan an yi Azahar, lokacin da masu aikin safe ba su tafi ba, na yamma kuma sun iso. Na ce ta rubuta tun yanzu cewa da azumi za a sake duba lokacin, don kada watan ya zo zaman ya mutu a ɓoye.

Tsawo kuwa, na ce minti 30, kuma ta faɗi lokacin tashi kamar yadda ta faɗi na farawa. Wani Bature masanin tarihi, C. Northcote Parkinson, ya yi rubutu a 1955 kan yadda aiki ke miƙewa ya cinye duk lokacin da aka ware masa, kuma ban ga inda wannan ya fi tabbata kamar taro ba. Ka ware awa ɗaya, za a sami maganar awa ɗaya. Gaisuwa da addu'ar buɗewa duk a cikin minti talatin ɗin suke, ba ƙari ba ne. Kuma ba a jiran wanda ya makara, ko da shugabar ce; in aka jira sau biyu, a mako na uku kowa zai makara. Ƙarfe uku na yi a tashi ko ba a gama ba. Maganar da ta rage, mutum biyu ko ukun da ta shafa su tsaya su ƙarasa.

Sai dalilin zaman. "Don mu tattauna ci gaban aiki" ba dalili ba ne, domin ba ranar da za a ce an cika shi. Na tambaye ta abin da ke lalacewa a asibitin don kawai wani bai ji abin da wani ya sani ba. Nan take ta lissafo uku. Magani yana ƙarewa, ungozoma ba ta sani ba sai mai naƙuda na kwance. Firjin rigakafi, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, yana samun matsala, sai an kwana biyu maganar ke isowa gare ta. Jadawalin aikin dare kuma kullum sai an yi rigima a kansa. To, ga aikin zaman nan: me ya kusa ƙarewa, me ya lalace, wa ke kan aiki mako mai zuwa. Sanarwar da ta zo daga ƙaramar hukuma a tura ta a waya. Faɗa da wanda ya yi laifi a yi shi a ofis, su biyu. Gudunmawar biki da adashe su nemi wani lokacin. Ana gane zaman da ya ɓace hanya da alama biyu: shugaba kaɗai ke magana, ko magana ɗaya ta dawo mako uku a jere ba a ɗora ta a kan kowa ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne ƙofar fita, kuma nan ta fi yi mini gardama. Ta ce, "Baba, in na ce ba dole ba ne, ai ba wanda zai zo." Na ce in haka ta faru, ta sami labarin da ya fi kowane muhimmanci, wato zaman ba ya amfanar kowa. Tilas tana ɓoye wannan labari. Ɗaki zai cika, mutane na danna waya a ƙarƙashin tebur, shugaba na ganin komai lafiya.

Amma a wurinmu rubuta "ba dole ba ne" bai isa ba, saboda kunya. Mai shara ba za ta dubi shugabarta ta ce ba ta zuwa ba. In aka tambayi jama'a a zaune, "Kowa ya yarda?", amsar ita ce, "Duk yadda kika ce, Hajiya," kuma wannan ladabi ne, ba yarda ba. Saboda haka na ce ta bi su ɗaya-ɗaya kafin ta tura saƙon, ta fara da na ƙasa, kuma kada ta tambaya ko sun yarda. Ta tambaya me Laraba ƙarfe biyu da rabi za ta hana su yi. Mutum ya fi iya cewa "lokacin nake ɗauko yara daga makaranta" a kan ya ce "ban yarda ba".

Fitar kuma iri uku ce, kada a cakuɗa su. Akwai wanda ba zai zo wannan makon ba: ba izini zai nema ba, sanarwa zai yi, ya turo layi biyu na abin da ke ɓangarensa kafin azahar, ba kuma wanda zai tambaye shi dalili. Akwai wanda zaman bai shafi aikinsa ba sam, kamar mai gadin da ya kwana a tsaye. Shi ya faɗa sau ɗaya ya wadatar, in ana bukatarsa a kira shi. Sannan akwai fitar kowa da kowa, wato ranar da zaman zai ƙare da kansa in ba a sabunta shi ba. Wannan ta ukun ita aka fi mantawa. A Janairun 2023 kamfanin Shopify na Kanada sai da ya share tarukan ma'aikatansa masu maimaituwa na sama da mutum biyu a lokaci ɗaya, domin sun taru sun yi yawa kuma ba mai iya kashe nasa. Wanda zai sa zaman a kalandar waya ya lura, a Google Calendar akwai wurin da aka rubuta Ends. Kada ya bar shi a kan Never.

Ƙofar tana zama ta gaskiya ne in wanda ya fita bai yi asara ba. Kada a ajiye rajistar halarta. Kada a raba gurbin bita ko alawus a wurin zaman, domin ranar da aka yi haka ya koma dole ko ba a faɗa ba. Kada a yanke hukunci kan aikin wanda ba ya nan, musamman a jibga masa aikin dare don bai zo ya kare kansa ba. Abin da aka yanke a rubuta shi a layi biyar, da sunan wanda zai yi da ranar, a tura wa kowa kafin magariba. Akwai kuma iyaka, gara a faɗe ta a fili: in mai ba da magani bai zo ba kuma bai turo lissafinsa ba, kashi ɗaya cikin uku na zaman ya tafi. Shi da mai rigakafi suna iya rashin zuwa, amma rahotonsu ba ya fashi.

Ga abin da ta tura a ƙarshe: "Assalamu alaikum. Ina ba da shawarar mu riƙa zama duk Laraba daga 2:30 zuwa 3:00, don abu uku: kayan da suka kusa ƙarewa, abin da ya lalace, da jadawalin mako mai zuwa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo mini rahotonsa kafin azahar, ba sai ya faɗi dalili ba. Wanda yake ganin zaman bai shafi aikinsa ba ya gaya mini ni kaɗai. Za mu gwada mako takwas. In ba mu ga amfaninsa ba, mu bari. In ranar ba ta yi maka ba, sanar da ni kafin Litinin."

Mai gadi ya fita tun makon farko, mai shara ta bi bayansa, mai gwajin jini kuma ya koma turo rahoto. Ran 'yata ya ɗan sosu, ta kira ni tana cewa an raina ta. Na ce ta sake lissafi: mutum 5, rabin awa, mako 52, awa 130 ke nan maimakon 416, kuma duk wanda ke ɗakin yana da abin faɗa. Da mako takwas suka cika, su biyar ɗin ne da bakinsu suka ce a ci gaba, tare da sharaɗin a sake dubawa kafin damina ta faɗi, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibiti.