Ragowar Yadi

Wata tela a Zangon Tamale ta daɗe tana ɗora hotunan rigunan da ta ɗinka, amma masu aiko mata da atamfa daga Kumasi ba su ƙaru ba. Tsoronsu tsoho ne: tela na cin yadi. Sai ta kafa wayarta a saman teburin yanka, ta auna yadi shida a gaban kyamara, ta yanka, ta auna ragowar, ta ninke ta cikin ledar mai kayan. Ba ta datse bidiyon ba, domin ta wurin datsewar zargi yake shiga. Na farkon bai yi ba, hannunta ya rufe lambobin awon. Dole ta jira wata atamfar, tunda yankakke ba ya komawa.