Wannan fitilar ta fuska ce, Hajiya

A sashenmu na koyon aikin jarida, duk wanda aka gan shi rataye da kyamara sau biyu ya zama gwani a idon jama'a. Shi ya sa kusan kowane mako sai wani ya turo mini hoton kayan ɗaukar hoto yana tambayar ko ya saya. Masu tambayar yawanci 'yan uwanmu ɗalibai ne masu ƙaramar sana'a: mai humra da turaren wuta, mai atamfa da mayafai, mai cincin da dubulan. Hoton kuwa kusan iri ɗaya ne kullum: ƙatuwar fitila mai kamar zobe, wadda kowa ke kira rin-layit, tsaye a kan ƙarfe mai ƙafa uku, da baƙar kyamara zaune a tsakiyarta. Abin yana da kwarjini, ba musu. Amma kafin mutum ya taɓa kuɗin da ya tara, akwai abubuwan da hoton kansa yake faɗa in an tsaya an kalle shi da kyau.

Na ƙarshe da aka turo mini daga wata 'yar ajinmu ce, mai haɗa humra da kulacca, tana kuma saro atamfa daga Kantin Kwari idan ta je gida hutu. Ta ga hoton a sitatus ɗin wani mai sayar da kayan na hannu, ta rubuto mini: "Malam, don Allah duba mini wannan. In na saya ai shi ke nan, hotunana za su zama irin na manyan shaguna ko?"

Na zuƙo hoton. Fitilar babba ce, mai inci 18, wato faɗinta ya kai santimita 45 da ɗan wani abu. A jikin kyamarar an rubuta EOS 2000D, a bakin lens ɗin kuma 18-55mm. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka jera kayan. Kyamarar tana ɗaure a jikin fitilar, a tsakiyar ramin, tsayinta daidai fuskar wanda ke zaune, kuma a gabanta kujera ce. Babu tebur, babu farin kwali, babu komai na ɗora kaya. Wanda ya haɗa wannan kansa yake ɗauka, yana magana ko yana kwalliya. Na ce mata, "Hajiya, wannan fitilar ta fuska ce."

Dalilin yana cikin siffar fitilar. Da yake haske yana fitowa ne daga kewayen lens ɗin, duk inda kyamara ke gani haske ya isa wurin kai tsaye, inuwa kuma ta koma bayan abu inda ba a ganinta. A fuska wannan alheri ne: ƙuraje da ramukan fata su ɓuya, ƙarƙashin ido ya cika da haske. To amma mai saye a WhatsApp ba ya iya taɓa kaya, inuwa ce ke gaya masa kaurin abu da laushinsa. Ɗauki leshi ko aikin hula zanna ka haska daga gaba tsaf, sai zaren da ya taso ya kwanta, ya zama kamar zanen da aka buga a takarda. Turaren wuta ma haka: itacen da aka jiƙa da mai, wanda ido ke ganin danshinsa, sai ya fito kamar tarin ƙasa.

Kwalba kuwa ta fi komai wahala, kuma ita ce jarin wannan baiwar Allah. Gilashi madubi ne, yana mayar da siffar duk abin da ya haska shi. Idan fitila da kyamara suna wuri ɗaya, hasken zai bugi gaban kwalbar ya dawo cikin lens kai tsaye, sai ka ga farin zobe a tsakiyar kwalba, daidai inda ta liƙa sunan sana'arta da lambar waya. In sitikar mai sheƙi ce, rubutun ma ba zai karantu ba. Rage ƙarfin fitilar ba ya kawar da zoben, yana nan, sai dai ya ɗan dushe tare da sauran hoton. Wannan zoben ne muke gani a ƙwayar idon masu bidiyo, a can ado ne. Duk wanda ke son ya gane da me aka ɗauki hoton wani kaya, ya duba murfin kwalba ko duk wani wuri mai sheƙi, zai ga fitilar a ciki: zobe, ko doguwar tsaga fara idan taga ce ko fitila mai faɗi.

Ban ce mata kayan ba su da amfani ba. Akwai wata a hostal ɗinsu mai irin fitilar, muka aro ta ranar Asabar, ni kuma na zo da kyamara makamanciyar ta cikin hoton, muka gwada a barandar wani aji da rana ba ta shiga. Da farko muka yi yadda hoton ya nuna, kyamara a tsakiyar zobe, kwalba a nisan rabin mita, farin kwali rabin mita a bayanta. Zoben ya fito a gaban kwalba kamar yadda na faɗa, sannan farin kwalin ya koma toka-toka. Wannan ma lissafi ne: idan nisa daga fitila ya ninka biyu, haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kwalba tana rabin mita, kwali yana mita ɗaya, ke nan kwalin rubu'in hasken kwalba yake samu.

Sai muka raba auren. Muka cire kyamarar muka ɗora ta a kan tebur bisa littattafai, muka kai fitilar gefen hagu, kusan daidai kafaɗar kwalbar, ta ɗan fi ta tsayi. Tsakanin fitila da kwalba muka rataya farin mayafi mai shara-shara, da tazarar kamar taɗi biyu daga fitilar. Tazarar tana da muhimmanci, don in ka liƙa mayafin a jikin fitila zoben zai ci gaba da bayyana, amma in ka matsar da shi sai dukkan mayafin ya ɗauki haske ya zama kamar taga. A dama muka jingina wani farin kwali don ya mayar da haske ɓangaren da ke cikin duhu. Kwalin baya kuma muka lanƙwasa shi daga bango ya sauko ƙarƙashin kwalbar, ya matso kusa da ita. A kyamara na sa 55mm, f/8, ISO 100, da jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta. Sai ga kwalba da doguwar tsagar haske a gefe, rubutun sitika tas, humrar ciki da kaurinta.

Ka lura da abin da muka yi: mun cire kyamara daga ramin, mun rufe zoben da mayafi. Wato duk abin da ya sa ake kiranta fitilar zobe mun kawar da shi kafin ta yi mana aiki. Taga mai fuskantar inda rana ba ta shigowa kai tsaye za ta ba da kusan wannan hasken kyauta, daga hantsi zuwa la'asar. Fa'idar fitilar ita ce dare, da kuma cewa haskenta ba ya canjawa daga hoto zuwa hoto. Sannan akwai abin da hoton tallan bai nuna ba: ƙafa ɗaya ce kawai a ciki, ta fitila. Da zarar ka raba su, kyamara na buƙatar tata ƙafar, kuma wannan wani kuɗi ne. Ɗan ƙarfen da ke riƙe kyamara a cikin zobe ba ya barin ta ta kalli ƙasa sosai, ga shi mai atamfa yawanci shimfiɗawa take ta ɗauka daga sama.

A atamfa, rigimar launi ce. Duk mai sayar da kaya ta waya ya san kalmar nan, "ba wannan kalar na gani a hoto ba". Irin waɗannan fitilu suna da maɓalli da ke juya haske daga ruwan ɗorawa zuwa fari, galibi a rubuce 3200K zuwa 5500K ko 5600K. Idan za ka haɗa ta da hasken taga, kai ta can sama kusa da na rana. Idan da dare ne, kashe ƙwan ɗaki, domin kyamara launin haske ɗaya take iya daidaitawa a lokaci guda. In biyu ne, rabin atamfar ya yi ja-ja, rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Akwai kuma lambar CRI da ake rubutawa a kwalin fitila, wadda ke nuna yadda take fito da launi na gaskiya. Daga 90 zuwa sama ake nema. Fitilu masu arha sun fi cin amanar ja mai duhu, sai maroon ɗin amarya ya koma ruwan ƙasa. Wannan ba ya ganuwa a hoton talla ko kaɗan, sai an kunna an haska atamfar, an kwatanta da yadda take a waje.

Kyamarar fa? Ba ta da laifi. Megafiksel 24 gare ta, lens ɗin yana iya matsowa har santimita 25, ya ishi kwalba da sitika. Sai dai hoton da za a tura sitatus, WhatsApp zai matse shi ya rage girmansa, a kalle shi a fuskar waya. A gwajinmu mun ɗauki kwalbar da wayarta a cikin hasken nan na gefe, muka tura duka biyun a waya ɗaya, da kyar aka bambance. Bambanci tsakanin hasken gaba da na gefe kuwa ko yaro ya gani. Shawarar da na ba ta ita ce ta bar kyamarar, ta nemi abin riƙe waya mai ƙarfi da fararen kwalaye biyu, in kuma dole sai da dare za ta riƙa ɗauka, ta sayi fitilar ita kaɗai. Ta tambayi kuma yadda ake ba ta wuta: masu inci 18 yawanci sai soket, ƙananan masu inci 10 su ne ke aiki da fawa-bank, kuma kowa ya san halin wutar hostal bayan isha'i.

Da a ce mai lalle ce ta turo mini hoton nan, ko mai kwalliyar amare, ko mai sayar da hijabi da ke sawa a jikinta tana bidiyo, da amsata ta bambanta, don su fuska da fata suke nunawa, kuma abin da aka ƙera fitilar dominsa ke nan. Mai gilashin ido, mai agogo, mai sarƙa da 'yan kunne kuwa, matsalarsu ta fi ta mai humra, saboda kowane ɗan dutse da kowane ƙarfe zai ɗauki nasa zoben. Irin su, kafin su biya, su je wurin mai kayan da abin da suke sayarwa a jaka, a kunna fitilar, su ɗauka da wayarsu sau biyu, ɗaya ta cikin ramin, ɗaya fitilar na gefe.