Hoton da Ya Yi Mini Ƙarya Game da Gashina

Shekarar da na daina sanya wa gashina rilaksa, na ɗauki hotonsa da dare, jim kaɗan bayan na tsefe kitson shuku. Na gwada shi da jadawalin da Andre Walker, mai gyara wa Oprah Winfrey gashi a lokacin, ya yaɗa a littafinsa na 1997. Jadawalin ya kasa gashi gida huɗu: miƙaƙƙe, mai lanƙwasa, mai naɗi, da mai cukurkuɗa. Daga baya masu barin gashi yadda Allah ya halitta suka ƙara 3C da 4C. Hotona ya nuna lanƙwasa mai sheƙi, sai na yanke cewa nawa 3C ne, na sayi mai marar nauyi, ina tajewa a bushe kullum. Kafin hunturu ya wuce, gashin gaban goshina ya kakkarye.

Laifin na hoton ne. Lanƙwasar da na gani sawun kitso ce, sheƙin kuwa man kitso ne da hasken waya.

Yayata ce ta ce in sake. Na wanke kai, ban shafa komai ba, ban taje ba, na bari ya bushe da kansa. Na tsaya bakin taga da hantsi, ta ɗauki wuri uku: goshi, tsakiyar kai da ƙeya, da rula a gefen kowane tsagi. Abin dubawa shi ne siffar sili guda. Idan ya naɗe kamar S a fili, 4A ne. Idan ya karkarya kamar Z, 4B ne. Idan ya dunƙule har siffar ta ɓace, 4C ne. Ƙeyata ta fito 4B, tsakiya 4C. Da muka ja sili ɗaya ya kai santimita 20, da muka sake shi ya koma 6.

Wannan tsukewar ta bayyana mini karyewar. Kowace kwana a jikin sili wurin rauni ce, kuma maiƙon fatar kai ba ya gangarawa har ƙarshensa. Sai na koma fesa ruwa tukuna, in bi da man kaɗanya don ya riƙe damshin, in raba kai gida shida, in taje da mataji mai manyan haƙora daga ƙarshe zuwa tushe.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa: yadda gashi ke shan ruwa. Nawa yana jiƙa nan take, ya bushe cikin awa guda, don haka man kaɗanya ya karɓe shi. Na Yaya ma 4C ne, amma ruwa kan tsaya a kansa ɗigo-ɗigo, man kuma sai ya danƙare mata, dole ta nemi marar kauri. Har yau hotunanmu iri ɗaya ne, kwalaben manmu daban.