Yadda muka ɗauki hoton adon layinmu

Mu bakwai ne muka ƙawata layinmu a Kaura Goje don Maulidin 2024. Mun yi karo-karo, Yayanmu da ke aiki a Legas ya cika mana, muka sayo koren tutoci da fitilu masu walƙiya. Da muka gama rataya da azahar, muka ɗauki hoto muka tura masa. Amsarsa ta ƙona mana rai: "Wannan ne kuɗin nawa?"

Da muka sake duba hoton, sai muka ga da gaskiyarsa. Rana tana tsaka, ta kashe koren tutocin har sun zama kamar tsofaffi. A bayansu ga wayoyin lantarki a sarƙe, ga kwata, ga shanyar wani gida. Wanda bai san layin ba, da ƙyar zai gane an yi ado.

Washegari muka jira ƙarfe biyar na yamma, lokacin da rana ta karkata, haskenta ya yi laushi. Muka ba ta baya, domin hasken ya sauka a kan tutocin. Idan ka fuskanci rana, tuta baƙa-baƙa take fitowa, sama kuma ta yi fari fat.

Sai maganar abin da ke baya. Shara mun share, amma falwaya ba ta ɗaukuwa. Ƙaraminmu ne ya tsuguna ya ɗaga wayar sama kaɗan, sai ga tutoci a jere, babu komai a bayansu sai sararin sama. Ya kuma tsaya a farkon igiyar maimakon tsakiyarta, sai layin ya miƙe cikin hoton kamar ba shi da ƙarshe. Bai jawo hoton da yatsa ba, don hakan dusashe shi yake. Takawa ya yi ya matsa.

Fitilun ne suka fi ba mu wuya. Bayan isha'i fari-fari suke fitowa a cikin duhu, hoton kuma ya yi rawa, saboda kyamara tana daɗewa tana tara haske. Da muka kunna filasha, bango kawai ta haska. Maganin shi ne 'yan mintocin da ke bayan faɗuwar rana: muna sallame magariba muka fito, sama da sauran shuɗi. Muka goge gilashin kyamara da bakin riga, muka taɓa fitila ɗaya a fuskar wayar, muka ja hasken ƙasa har launinta ya bayyana, sannan muka jingina gwiwar hannu da bango.

Hoto ɗaya muka cire, domin fuskokin 'yan matan Islamiyya sun fito, kuma ba mu nemi izinin iyayensu ba. Uku muka tura wa Yaya. Cikin daren ya ɗora su a WhatsApp, ya ce baɗi kuɗin fitilu nasa ne.