Mako Shida Kafin Jarrabawar Saikoloji

Ranar da aka liƙa jadawalin jarrabawa, yawancinmu handawut muke ɗaukowa mu yi ta maimaitawa har mu ji komai ya zama sananne. Sai dai gane abu in an gan shi daban, iya kawo shi da ka daban. A zauren jarrabawa kuwa babu wanda zai nuna maka shafin.

A shekarar 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a Amurka. Rukuni ɗaya na ɗalibai ya karanta rubutu sau da yawa, ɗayan ya karanta sau ɗaya sannan ya riƙa rubuta abin da ya tuna. Bayan minti biyar masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. A kan wannan muka gina tsarinmu, ni da ƙanwata da ke Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ita tana da kwas na saikolojin ilimi, ni kuma ina da na gabatarwa ga saikoloji, kuma batutuwan sun yi kama.

Mun raba kwas ɗin gida goma sha biyu, batu uku kowane mako har mako huɗu. Duk batun da na karanta na fahimta, sai in yanka kwali in yi tambaya goma, tambaya a gaba, amsa a baya. Kati ɗari da ashirin ke nan a ƙarshe, kuma minti talatin zuwa arba'in a rana ya ishe su.

Tazarar ita ce kan maganar. Ɗauki matakai huɗu na Piaget. Na karanta su ranar Litinin ta makon farko, na gwada kaina Talata, na ƙyale su sai Juma'a, sannan Juma'a ta gaba, sannan bayan mako biyu. A gwajin farko komai ya zo tsaf. A na uku sai na iske matakin shekara 2 zuwa 7 da na shekara 7 zuwa 11 sun cakuɗe mini, na kasa tuna a wanne ne yaro ke gane cewa ruwan da aka juye daga faffaɗan kofi zuwa dogo bai ƙaru ba. Na yi ta ciza yatsa kafin na juya katin: a na biyun ne. Wannan wahalar tunowa ita ake nema, don bayanta amsar ta zauna. Katin da na faɗi yakan koma layin gobe, wanda na ci kuma ya jira lokacinsa.

Doka ɗaya ce ba mu sassauta ba: sai ka faɗi amsar da baki ko ka rubuta ta kafin ka juya. "Ai na sani" ba amsa ba ce. Kuma da Turanci muke rubutawa, tunda da shi za a tambaye mu. Ƙanwata har a motar Maigatari ranar Alhamis take fito da nata, ga masu zuwa kasuwar shanu suna ta ciniki a waya, ita ko a jikinta.

Mako na biyar muka garwaya katunan gaba ɗaya, Pavlov kusa da Piaget kusa da Skinner. Nan aka ga masu rikitarwa. Wata ƙawarta 'yar Gagarawa ta dage cewa ƙarfafa hali ta hanyar cire takura shi ne horo. Ƙanwata ta ce mata, "Haba ƙawata, in malam ya ɗauke miki shara don kin zo da wuri, gobe za ki ƙara sammako ko za ki rage?" Ta ce za ta ƙara. To, wannan ƙarfafawa ce, domin shi horo rage hali yake yi. Daga nan muka sauya salon katunan, maimakon "mene ne kaza" sai "kawo misali daga firamaren Sule Tankarkar ko ta unguwarku".

A nan ne iyakar kati take. Ba ya koya maka abin da ba ka fahimta ba, kuma ba ya shirya maka doguwar amsa mai shafi biyu. Don haka a wannan makon muka zauna da tsofaffin takardun jarrabawa sau biyu, littafi a rufe, agogo a gaba, sannan muka yi musaya kowa ya duba na wani da handawut a hannu.

A mako na shida ba mu taɓa sabon abu ba. Katin da na faɗi sau biyu ko fiye na ware, guda ashirin da uku, su nake bi kullum, sauran kuma na bi su sau ɗaya a tsakiyar mako. Daren jarrabawa na bi ashirin da ukun bayan Isha'i, ƙarfe goma na kashe fitila.