Tayi Ba Ido da Ido

A kasuwa muka koyi ciniki. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Fuskarsa ce ke gaya maka inda gaskiyar kuɗin take. Amma ran da muka zauna, mu biyu wa da ƙani, za mu rubuta wa wani ɗan kasuwa a Kano imel kan injin inbata da ya tallata, sai muka rasa ta inda za mu fara. Manhaja muke rubuta wa mutane daga shagonmu a nan Babura, rashin wuta kuma ya kusa raba mu da wani aiki. Kuɗin da ke hannunmu na riɗin bara ne, har da kason Inna a ciki.

Tallar ta ce inbata mai 3.5kVA, naira miliyan 1.2. A hoton kuwa ga batura biyu a gefe, sun yi kyau kamar 'yan rakiyar amarya.

Da farko mun rubuta, "Alhaji, nawa za ka rage?" Sai muka goge. Wanda ya nemi ragi kafin ya san abin da ke cikin kunshi, ragin zai samu, amma daga kayan za a cire shi. A sauke maka dubu hamsin, a riƙe wayoyi. Don haka bayan gaisuwa muka fara da baturan: suna cikin kuɗin ko ado ne? In suna ciki, a ɗauko mana hoton shekarar da aka ƙera su. Batir mai 200Ah a kan 12V yana ɗaukar 2,400Wh a takarda, amma irin mai ruwan nan rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe, wanda ya tsufa a sito kuwa ko hakan ba zai bayar ba. Muka tambayi kuɗin mota zuwa Babura, da wanda zai ɗauki asara in wani abu ya fashe a hanya, da harajin VAT. Kashi 7.5 na miliyan 1.2 naira dubu 90 ne, ba abin da za a ji labarinsa a ranar biya ba.

Sai a layin ƙarshe muka ce, "Alhaji, farashin nan akwai magana a kai, ko yankakke ne?"

Bayan kwana biyu ya amsa. Batura suna ciki, harajin ma haka, amma mota da haɗawa namu ne, ragi kuma dubu talatin in za mu biya gaba ɗaya. Hoton shekarar batir ne kaɗai bai turo ba. Muka sake tambaya, ya ce mu yarda da shi.

Inna ta ji, ta ce, "Ku je ku gani da idonku." Asabar muka yi sammakon tasha.