Kowane shafi ya biya bashin na baya kafin ya ci sabo

Ni dai idan zan haɗa jerin hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram ko Facebook, doka ɗaya nake bi: tambayar da shafi ya tayar, shafin da ke biye ne zai amsa ta. Ba na kai amsa can shafi na takwas ina ta cewa "ci gaba da ja, za ka sha mamaki". Mai karatu data ya saya da kuɗinsa. Idan ya ja sau biyu bai samu komai ba, ya wuce, gobe kuma ko ya ga sunanka ba zai tsaya ba.

Bari in nuna da misalin waya da ta cika. A shafin farko na rubuta: "Wayarka ta cika, kuma wataƙila ba hotunan da ka ɗauka ba ne." Kowa zai ce to mene ne? Shafi na biyu ya faɗa kai tsaye: bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp ne, ka shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage ka gani da idonka. An biya bashi. A ƙasa sai na ƙara layi ɗaya: "Amma wanne za ka fara gogewa?"

Shafi na uku ya nuna Larger than 5 MB, inda manyan fayiloli suke taruwa, ya kuma yi gargaɗin a duba kafin a goge. Sannan ya ce: "Nan da mako guda za su sake taruwa, sai ka toshe hanyar." Na huɗu ya toshe ta: ƙarƙashin Media auto-download, ka cire alamar Videos. A nan nake tsayawa, ba na barin wata tambaya a rataye.

Ka lura, kowace tambaya daga amsar da ta gabata ta fito. Mutum ya fi son sanin abu idan ya riga ya san rabinsa, shi ya sa ba na ɓoye batun, ɓangare ɗaya kawai nake jinkirtawa.

Shafi na biyu nake ba wa kulawa ta musamman, domin Instagram yakan sake nuna wa wanda bai ja ba jerin, ya fara masa daga na biyu. Dole ya zama wanda ya faɗo a kansa ya gane zancen.

Kafin in wallafa, nakan karanta kowane shafi shi kaɗai in tambayi kaina: wanda data ɗinsa ya ƙare a nan, da me ya tafi? Idan babu komai sai alkawari, sai in haɗe shafin da na gabansa. Instagram ya yarda da har 20, amma idan huɗu sun gama magana, huɗun nake sakawa.